Kuɗin aiki kai-tsaye da kuɗin riƙe ofis: yadda za ka raba su a bajet kafin ka miƙa wa dona

Shekarata kusan tara ina haɗa wa ƙananan ƙungiyoyi bajet a nan Jos, kuma abin da ya fi cin mutane ba rubuta furofozal ɗin ba ne, layi ɗaya ne tak can ƙasan tebur, wanda a fom ɗin dona za ka ga an rubuta `Indirect costs` ko `Overhead` ko `Programme support costs`. Wasu su bar shi fanko wai don dona ya ga ba su da kwaɗayi, wasu su cusa 10% haka kawai don sun ji ana cewa 10%. Duka biyun matsala ce. Akwai wata Hajiya da ke riƙe da ƙungiyar mata manoma, bara ta kira ni wajen watan tara na furojek ɗinta, ta ce "Malam, kuɗi na nan a akawun sama da miliyan huɗu amma mai gida ya ba mu notis, kuma akanta wata biyu ba albashi, wannan wane irin abu ne?" Na ce Hajiya ai kuɗin nan na iri ne da taki da horo, babu layin haya a bajet ɗinki ko ɗaya, in kika taɓa odita zai ce ki mayar. Ga koshi ga kwanan yunwa kenan. To da lissafin irin nata zan yi bayanin, na ɗan daidaita lambobin don su yi sauƙin bi.

Da farko mu daidaita kan ma'ana, don nan ake fara ɓata. Kuɗin kai-tsaye, wato dairekt, shi ne duk kuɗin da za ka iya ɗora yatsa a kai ka ce wannan furojek kaza ne ya ci shi, ga baucha ga rasit ga sunan aikin. Kuɗin riƙe ofis, wanda muke cewa obahed ko indairekt, shi ne wanda ƙungiya ke kashewa don ta rayu, duk furojek suna amfana da shi amma ba za ka iya yanka shi ka ce wannan ɓangaren na wane ne ba sai da wahalar da ta fi kuɗin. Tambayar da nake yi wa kowane layi ita ce: da ba a samu wannan furojek ba, da za mu kashe wannan kuɗin? In amsar a'a ce, dairekt ne. In amsar eh ce, za mu kashe ko da furojek ko babu, to ya karkata obahed.

Abin da mutane ba sa gane wa shi ne ba irin kayan ne ke yanke hukunci ba. Dizal ɗin da ka zuba a janareton zauren da ka yi horo a Mangu na kwana uku, dairekt ne. Dizal ɗin janareton ofis da kowa ke cajin laftof da shi, obahed ne. Dizal ɗaya, gidan mai ɗaya ma wataƙila. Haka odit: odit na shekara da ake yi wa ƙungiya gaba ɗaya obahed ne, amma in dona ya ce lallai a yi wa furojek ɗinsa odit na musamman a ƙarshe, wannan dairekt ne kuma ka saka masa layinsa. Cajin banki ma haka, in akawun ɗin furojek ne shi kaɗai, cajin nasa ne, in babban akawun ɗin ƙungiya ne ya tafi obahed.

Mataki na ɗaya: san abin da ofis ɗinka ke ci a shekara

Kar ka buɗe fom ɗin dona tukuna. Ɗauko akawun ɗin bara da aka yi wa odit, in babu to ɗauko sitatimen banki da littafin kashe kuɗi na wata 12, ka fitar da duk abin da aka kashe wanda ba na wani furojek guda ba ne. Na Hajiya da muka zauna muka tsefe, ga abin da ya fito: hayar ofis naira 2,400,000, wuta da dizal da gyaran sola 1,800,000, intanet 600,000, albashin akanta 3,600,000, ɓangaren albashin ita shugaba da ke tafiya a kula da ƙungiya 3,000,000, maigadi da mai shara 1,680,000, odit na shekara 1,200,000, sai tarkace irin su biyan hukumar rajista ta CAC na shekara da cajin banki da zaman kwamitin amintattu 720,000. Jimla naira miliyan 15 cif.

A wannan shekarar duk furojek ɗinsu a haɗe sun kashe miliyan 75 kai-tsaye. Sai ka raba 15 da 75, ya ba ka 0.2, wato 20%. Ma'ana duk naira 100 da suka kashe a fili wajen manoma, akwai naira 20 da ofis ya ci kafin wannan ɗarin ta isa inda za ta. Wannan 20% shi ne ainihin lambarsu, kuma ita ce abin da za ka riƙa auna tayin kowane dona da ita. Hajiya da ta gani sai da ta ce "Kai Malam, ashe shekara da shekaru daga aljihuna nake riƙe ofis ɗin nan", don a da 5% take sakawa, wani lokacin ma ba ta sakawa.

Wani ɗan abu a nan da ke rikita mutane wajen magana da dona. 20% ɗin nan na kuɗin kai-tsaye ne. In ka auna shi da jimlar kuɗin ƙungiya duka, wato miliyan 90, zai zama 15 bisa 90, kusan 16.7%. Kuɗi ɗaya ne, ma'auni biyu. Saboda haka duk sanda wani ya ce maka "muna ba da kashi kaza", tambayar farko ita ce kashi kaza na me.

Mataki na biyu: gina kuɗin kai-tsaye har ya cika

Furojek ɗin da za a nema wa kuɗi shi ne horar da mata masu noman dankalin turawa a Bokkos da Mangu na wata 12. Jami'in furojek 250,000 a wata, shekara 3,000,000. Ma'aikatan fili biyu 150,000 kowanne, shekara 3,600,000. Kan albashin nan na 6,600,000 akwai abin da doka ta ɗora wa mai ɗaukar aiki, fansho 10% a ƙarƙashin dokar fansho ta 2014, da 1% na asusun inshorar ma'aikata NSITF, mun lissafa su a kan duka albashin ya zama 726,000. Wannan mutane da yawa suna mantawa da shi, ko su jefa shi obahed, alhali yana bin albashin ne, in albashin dairekt ne shi ma dairekt ne. Zirga-zirga da mai da hayar mota 3,674,000. Zaure da abinci da kayan horo 4,000,000. Kuɗin motar mahalarta da alawus ɗinsu 3,000,000. Iri da taki 6,000,000. Sai wata ƙaramar ƙungiyar ƙauye da za a ba 6,000,000 ta riƙa bibiyar gonaki. Jimla miliyan 30.

In aka bi lambarmu ta 20%, rabon wannan furojek a cikin wahalar ofis naira miliyan 6 ne. Wato gaskiyar kuɗin aikin miliyan 36 ne ba 30 ba. Ka rubuta wannan miliyan 6 a gefen takarda, don duk abin da za mu yi daga nan ƙoƙarin dawo da ita ne ta hanyar da dona ya yarda.

Mataki na uku: karanta dokar donan, kalma kalma

Nan ne kowa ke da nasa hali. Tarayyar Turai a tallafinta na ayyukan raya ƙasa tana ba da abin da bai wuce 7% na jimlar kuɗin kai-tsaye da ta amince da su ba, kuma dunƙule take bayarwa, ba ta neman rasit a kansa in an riga an amince da kason a yarjejeniya. Asusun jinƙai na Najeriya da ofishin OCHA na Majalisar Ɗinkin Duniya ke kula da shi, wanda aka kafa a 2017 saboda arewa maso gabas, shi ma 7% ne. Gidauniyar Gates tana kaiwa har 15% ga ƙungiyoyi masu zaman kansu. Gidauniyar Ford ta ɗaga nata daga 20% zuwa 25% a 2023, MacArthur kuma tun 2020 ta sa nata a 29% ga tallafin furojek. Kuɗin gwamnatin Amurka kuwa dokar `2 CFR 200` ce ke tafiyar da shi, in ba ka da yarjejeniyar kaso da suke kira NICRA, kana iya ɗaukar kason da suke kira `de minimis`, da 10% ne, daga 1 ga Oktoba 2024 ya koma har 15%. An rufe hukumar tallafin Amurka USAID a 2025, amma in kuɗin Amurka ya zo maka ta wata hanyar, ko ta hannun babbar ƙungiya a Abuja, dokar nan za ka tarar. Duk waɗannan ka ɗauke su a matsayin hasken hanya, takardar kiran furofozal ɗin da ke hannunka ita ce alƙali.

Abu uku nake ja wa layi da jan biro a kowace takarda. Kason nawa ne. A kan wane kuɗi ake lissafa shi. Sannan wane irin kuɗin ofis suka yarda a saka a dairekt in an nuna yadda aka raba. Na ukun nan shi ne ke ceton ƙananan ƙungiyoyi, za mu zo kansa.

Bari in tsaya a na biyun da misalin Amurka tunda shi ya fi murɗiya. 15% ɗinsu ba a kan duka dairekt ba ne, a kan abin da suke kira MTDC ne, wato dairekt bayan an cire wasu abubuwa: manyan kayan aiki, gini, kuɗin haya, kuɗin da ake kashewa a kan mahalarta horo irin alawus da kuɗin mota, da duk abin da ya haura dala 50,000 a kowane ƙaramin tallafi da ka ba wata ƙungiya (da dala 25,000 ne kafin gyaran 2024). A bajet ɗin Hajiya, miliyan 3 ta mahalarta za ta fita. Miliyan 6 ta ƙungiyar ƙauye ba ta kai iyakar ba, tana nan. Saura miliyan 27, 15% ɗinta 4,050,000. Wanda bai karanta ba zai buga 15% a kan miliyan 30 ya rubuta 4,500,000, a dawo masa da bajet, ko mafi muni a bar shi ya wuce sai ranar odit a ce ya dawo da 450,000.

Mataki na huɗu: in kason dona ƙarami ne

Donan da Hajiya ke nema mai 7% ne. 7% na miliyan 30 shi ne 2,100,000, mu kuma miliyan 6 muke nema, giɓin 3,900,000. Nan ne wasu ke fara kumbura farashin taki ko su ƙara kwanakin horo na ƙarya don su samu rarar biyan haya. Kar ka yi, ban da haramcin abin, odita kwatanta farashin kasuwa yake yi, kuma takardar sa hannun mahalarta ba ta ɓoye ƙarya yadda mutane ke zato.

Hanyar da ta halatta ita ce ka duba cikin miliyan 15 ɗin nan, akwai abubuwan da a gaskiya za a iya auna rabon kowane furojek a cikinsu. Waɗannan su ake kira kuɗin tarayya, suna tsakiya, kuma in kana da ma'auni mai hujja, dona da yawa sun yarda su hau sama su zauna a dairekt.

Akanta misali. Ba duk lokacinta ke tafiya a harkar ƙungiya gaba ɗaya ba, tana zama ta haɗa bauchar wannan furojek, ta biya masu kawo iri, ta rubuta rahoton kuɗi na wata uku uku da donan ke nema. Muka kiyasta 30% na lokacinta, albashinta 300,000 a wata, 30% shi ne 90,000, sau 12 ya zama 1,080,000. Amma sharaɗin shi ne taimshit. Kowane wata ta cike awa nawa ta yi wa wane furojek, ta sa hannu, shugaba ta sa hannu, kuma abin da za a caje dona shi ne abin da taimshit ya nuna ba abin da bajet ya ce ba. In a watan azumi aiki ya yi sanyi ta yi 20%, 20% za a caja. Taimshit da kullum yake nuna 30% daidai wata 12 a jere, da biro ɗaya da rubutu iri ɗaya, duk odita ya san ranar ɗaya aka zauna aka cike shi.

Haya da wuta da intanet kuma da yawan ma'aikata muka raba. Mutum 10 ke zama a ofis, 3 na wannan furojek ne, wato 30%. Haya 720,000, wuta 540,000, intanet 180,000. Kana iya rabawa da faɗin ɗaki in furojek ɗin na da ɗakunansa daban, amma zaɓi ɗaya ka tsaya a kai. Ni na fi son ƙirgen ma'aikata don ba ya buƙatar tef ɗin awo kuma takardar albashi na tabbatar da shi.

Haɗa su: 1,080,000 da 720,000 da 540,000 da 180,000, ya zama 2,520,000 sun hau dairekt. Yanzu dairekt ya zama 32,520,000, kuma 7% ɗinsa 2,276,400. Abin da ofis ya samu duka 4,796,400, maimakon 2,100,000 na farko. Giɓi ya sauko daga 3,900,000 zuwa 1,203,600, ba tare da an ƙara ko kwabo na ƙarya ba.

Sai dai wannan hanya tana da ƙa'ida biyu da ba a wasa da su. Ta farko, abin da ya hau dairekt ya fita daga obahed kenan. Ba za ka caji haya a layin dairekt sannan in an tambaye ka me 7% ke biya ka sake cewa haya ba, wannan caji biyu ne kuma shi ne abu na farko da mai duba bajet ke nema. 7% ɗin yanzu na abin da ya rage ne, lokacin shugaba, maigadi, odit na shekara, zaman amintattu, CAC. Ta biyu, hali ɗaya ga kowa. In ka raba haya da ƙirgen ma'aikata ga wannan dona, haka za ka raba wa sauran furojek, kuma in aka haɗa kason kowa kar ya wuce 100%. Na taɓa ganin ofis da dona uku kowanne aka caje shi rabin haya, wato haya ɗaya da rabi ake karɓa, ranar da biyu daga cikinsu suka turo odita ɗaya aka sha kunya. Kuma da zarar ka koma wannan tsarin, ka sake lissafa lambarka ta mataki na ɗaya, don tukunyar obahed ta ragu, dairekt ya ƙaru, 20% ɗin zai sauko, kar ka ci gaba da faɗa wa wasu dona tsohuwar lamba.

Don haka ne nake sa kowace ƙungiya ta rubuta takardar tsarin raba kuɗi, shafi biyu ma ya isa. A ciki a jera wane kuɗi ne dairekt, wane ne na tarayya da ma'aunin raba shi, wane ne obahed zalla. Amintattu su sa hannu da kwanan wata. Mota ma ta shiga, in ƙungiya na da mota ɗaya to littafin tafiya a cikinta, kilomita nawa, zuwa ina, na wane aiki, a raba mai da gyara da kilomita.

Tarkon iyakar kuɗi

Wannan ƙarami ne amma yana kayar da mutane sosai. Dona ya ce iyakar abin da zai bayar naira miliyan 30, har da 7% a ciki. Sai mutum ya buga 7% na miliyan 30, ya samu 2,100,000, ya cire, dairekt ya rage 27,900,000. To ka raba 2,100,000 da 27,900,000 ka gani, 7.5% ne, ka wuce iyaka. Tunda kason a kan dairekt yake, rabawa ake yi ba cirewa ba. In jimlar tana cikin B2 a Excel:

```
=B2/1.07
=B2-B2/1.07
```

Na farko ya ba ka dairekt 28,037,383, na biyu obahed 1,962,617. In kason 15% ne sai ka raba da 1.15. Kuma layin obahed a tebur ka bar shi fomula ko yaushe, kar ka buga lamba da hannu, don ana cikin gyara za a rage layin horo da daddare a manta ba a taɓa na ƙasa ba.

Mataki na biyar: yadda za ka gabatar

A tebur, kowane layin dairekt ya nuna yawa, farashin ɗaya, sau nawa, da kason da furojek ke ɗauka. Layin akanta ya nuna mutum 1, 300,000, wata 12, 30%. Layin haya ya nuna 200,000 a wata, wata 12, 30%. Kar ka rubuta wani dunƙulallen layi wai "kuɗin ofis 1,440,000", mai dubawa na ganin haka zai ce ai wannan obahed ne ya soke. Kalmomi irin `Miscellaneous` da `Admin` a sashen dairekt kuwa ka guje su gaba ɗaya. Bayan an tara dairekt a yi jimla, sai obahed a layi ɗaya tak da kasonsa a fili, sai babbar jimla. Kuɗin ko-ta-kwana shi ma ba obahed ba ne, layinsa daban, Tarayyar Turai misali tana yarda da har 5% na dairekt amma ba a taɓa shi sai da izininsu a rubuce.

A takardar bayanin bajet ne ake cin nasara ko a faɗi. Ga layin tarayya, jimla biyu sun isa, ka ce ma'aikata 3 cikin 10 na ofishin Jos na wannan aikin ne cikakken lokaci, don haka an ɗora masa 30% na haya bisa tsarin raba kuɗi da amintattu suka amince da shi, kwafi na haɗe. Ga layin obahed, ka faɗi kason, ka faɗi a kan me aka lissafa, ka jera abin da yake biya, ka ƙara da cewa babu ko ɗaya daga ciki da aka saka a dairekt.

Ga mai 7% kenan. In gidauniya ce mai ba da 20 ko 25, ni shawarata kar ka wahalar da kanka da hawar da haya sama, bar ta a obahed, ka nuna musu lissafin mataki na ɗaya yadda yake, miliyan 15 bisa 75, ka haɗa da akawun ɗin odit. Su irin waɗannan sun fi yarda da wanda ya san lambarsa. Amma lura, in tsarinka a rubuce ya riga ya ce haya kuɗin tarayya ne da ake rabawa, to haka za ka yi wa kowa, ba a canza tsari saboda an canza dona.

Sai kuma masu cewa ba sa biyan obahed kwata-kwata, galibi kamfanoni da masu kuɗi ɗaiɗaiku da ƙananan tallafi, wai suna son duk kuɗin ya kai ga talaka. Da su ba a gardamar kaso. Duk abin da za a iya aunawa a mayar da shi layin aiki da sunan aikin da yake yi, awannin akanta na haɗa rahoto, kwanakin shugaba na zuwa duba gonaki a Bokkos, datar tura rahoto. Abin da ya rage ka lissafa ka san nawa ne kafin ka sa hannu.

In kuma kai ƙaramin abokin aiki ne a ƙarƙashin babbar ƙungiya ta Abuja, ka tambaya tun kafin a rubuta yarjejeniya, nawa ne rabonmu a obahed ɗin da babban dona ya bayar. Da yawa ba za su kawo maganar da kansu ba. A kuɗin Amurka dokar ma ta ce mai raba tallafin ya amince da kason ƙaramin, ko NICRA ɗinsa ko `de minimis`, kuma tun 2022 kwamitin IASC na hukumomin jinƙai ya fitar da jagora cewa a riƙa ba ƙungiyoyin gida obahed. Ka tambaya da ladabi amma a rubuce, ta imel, ba a waya ba.

Bayan kuɗi ya shigo

Obahed yana bin abin da ka kashe ne, ba abin da ka rubuta a bajet ba. In a wata ukun farko dairekt da aka kashe miliyan 6 ne, 7% ɗinsa 420,000, shi za ka ɗauka daga akawun ɗin furojek zuwa babban akawun da baucha mai nuna lissafin. Wanda ya kwashe duka 2,276,400 a watan farko ya kashe, sannan damina ta hana shiga ƙauye aka kashe miliyan 25 kawai a ƙarshe, haƙƙinsa 1,750,000 ne, sauran 526,400 bashi ne a wuyansa. Haka in odita ya ƙi amincewa da wani kashe na dairekt, 7% ɗin da ke kansa ma ya tafi tare da shi. Kuma ko dona ya ce ba ya neman rasit ɗin obahed, ka ajiye, odit ɗin ƙungiya na shekara zai nema, kuma da su za ka fitar da lambar baɗi.

Saura giɓin nan na 1,203,600 a furojek ɗin Hajiya, wanda babu dabarar tebur da za ta share shi. Muka kai shi gaban amintattu a rubuce kafin a tura furofozal. Donan yana neman gudummawar ƙungiya, amma a ƙa'idarsa gudummawa sai ta kasance cikin kuɗin da ya amince da su, don haka giɓin obahed bai shiga nan ba, dole a nemo shi a waje. Suna da zaure a bayan ofis da suke ba da haya ana taro, yana kawo musu wajen 80,000 a wata, shekara 960,000, aka ware shi gaba ɗaya don wannan. Ragowar 243,600 aka ɗora a kan kuɗin wata-wata na membobi. Alhajin da ke shugabantar amintattu ya ce "Hajiya, a rubuta a minit cewa daga yau duk furofozal da za a tura a kawo mana wannan lissafin giɓin tukuna." Aka rubuta, aka tura bajet ɗin a kan 34,796,400.